Wace kalma za mu sa wa "sifilit" na injin tuƙin kwale-kwale?

Mai Fassara: Jama'a barkanku da dare. An ba ni takardar koyar da sababbin 'yan motsa jiki yadda ake karanta allon injin tuƙin kwale-kwale, gobe da safe zan miƙa, kalma ɗaya ta tsayar da ni. Lambar nan da ke fitowa kamar `2:05 /500m`, wadda masu harkar ke kira sifilit. Na rubuta "gudu", sai jimlar ta koma "ka yi ƙoƙari ka rage gudunka", alhali so ake mutum ya ƙara sauri. A taimaka.

Ɗan Keke: Gudu ɗin ne mana. Keken motsa jikina ma kilomita a awa yake nuna min. Ko ka sa "sauri" ka je ka kwanta.

Kociya: Ɗan'uwa, ba ɗaya ba ne. Kekenka na faɗa maka nisan da za ka ci a awa guda, shi ya sa lamba babba ta fi. Wannan lokaci yake faɗa: in ka ci gaba da ja da ƙarfin da kake yi yanzu, minti nawa za ka yi kafin ka ci mita 500. Mai 1:55 ya fi mai 2:05 sauri. In ka kira shi gudu, me za ka kira gudun na gaskiya idan an zo lissafi?

Mai Fassara: Nan ne ma matsalar, Malama. Sakin layi na gaba yana koyar da yadda ake juya sifilit ya koma gudu, dole kalmomin su zama biyu.

Malam Nahawu: Mu fara gyara zance. Ba sifilit a Hausa, kada a shigo mana da shi. Muna da zango. Matafiyi yana raba doguwar tafiya zango-zango, nan kuma kowace mita 500 zango ce. Ni na zaɓi "cinzango", kalma guda, mai daɗin faɗa.

Uwar Biyu: Ni "taki" nake ce masa. Yarana suna ce min takina ya kai 24.

Kociya: Hajiya, wata lambar ce kika duba. 24 ɗin nan yawan jan da kike yi ne a minti guda, ita ce mai `s/m` a gefenta. Mutum biyu za su iya yin ja 24 a minti, ɗaya yana kan 2:00 ɗaya yana kan 2:40, domin ƙarfin turawar ƙafarsu ba ɗaya ba. Taki ya fi dacewa da waccan lambar, mu bar mata shi.

Mai Fassara, ga lissafin don ka ga inda kowace kalma za ta zauna. Da farko a mayar da lambar sakan zalla. 2:05 minti biyu ne da sakan biyar, wato sakan 125. Ka raba 500 da 125, ka sami mita 4 a sakan, wannan shi ne gudu. Mai son kilomita a awa ya ninka da 3.6, zai sami 14.4. In minti 30 za a yi, sakan 1,800 ke nan, a ninka da 4, nisa ya zama mita 7,200.

```
gudu = 500 ÷ sakan
nisa = gudu × tsawon lokaci a sakan
```

Ɗan Keke: Na gwada da 2:30 na minti 20. Na raba 20 da 2.30, na ninka da 500, na sami mita 4,348. Ai ya fi sauƙi, ba sai an bi ta sakan ba.

Kociya: Hanyar taka daidai ce, lambar da ka shigar ce ta yaudare ka. 2:30 minti biyu da rabi ne, wato 2.5, domin minti sakan 60 ne ba 100 ba. 20 a raba da 2.5 takwas ne, takwas sau 500 mita 4,000. Ka ba kanka kyautar mita 348 da ba ka tuƙa ba. Shi ya sa nake sa ɗalibaina su koma sakan tun farko.

Malam Nahawu: To kun gani? Ya ci zango takwas. Lissafin da kansa ya gaskata cinzango. Sannan Malama, sakan ɗin nan ma a cire, a sa daƙiƙa.

Mai Fassara: Malam, daƙiƙa nake tsoro. Wasu sakan suke nufi da ita, wasu minti, kamar yadda take a Larabci. A takardar da duk aikinta raba minti da sakan ne, ba zan sa kalmar da za a karanta ta fuska biyu ba.

Malam Nahawu: Haka aka kashe mana kalmomi da dama. Kowa ya je wurin motsa jiki sai ya dawo yana karya harshe don a ce ya waye.

Ɗan Keke: Malam, daƙiƙar ma ai aro ce. Ko aron da ya tsufa ya zama gado?

Malam Nahawu: Aron da ya shekara ɗaruruwa a bakin mutane daban, wanda aka kwaso jiya daga allon inji daban.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri, bawan Allah nan gobe zai miƙa aiki. Malama, ni tambayata, nakan fara da ƙarfi sannan in gaji. Wace lamba zan yi lissafi da ita?

Kociya: Tambayarki ta fi gardamarsu amfani. Nisan da lissafin nan ke bayarwa ƙiyasi ne, ya ɗauka ba za ki sauya ba daga farko har ƙarshe. A ce kin yi minti 10 a kan 2:00, kin ci mita 2,500. Sai minti 10 a kan 2:30, mita 2,000. Jimla 4,500. Wanda ya ce tsakiyar 2:00 da 2:30 ai 2:15 ce zai sami mita 4,444, ya yi ƙasa. Matsakaicin gaskiya wajen 2:13 ne, domin kin ci zango biyar da sauri, huɗu kawai a hankali. Ki lissafa kowane ɓangare daban ki haɗa, ko ki duba matsakaicin da allon ke nunawa, ba lambar da ke tsalle a kowane ja ba.

Kada kuma ki ɗauki abin da kika riƙe a mita 2,000 ki ce shi za ki riƙe minti 30. Rage sakan biyar ba ƙaramin aiki ba ne: a injin Concept2, 2:05 na buƙatar ƙarfi wajen wat 179, 2:00 kuma wajen 203.

Malam Nahawu: "Kin ci zango biyar." Malama da bakinki.

Kociya: Zango na karɓa, Malam, ya zauna daram. Cinzango ne ban karɓa ba, domin ba ya nuna cewa lokaci ake aunawa. Wanda aka ce wa "rage cinzangonka" zai ɗauka an ce ya rage tafiya, mun koma gidan jiya. "Lokacin zango" nake gani. "Rage lokacin zangonka", ba wanda zai ɓata.

Mai Fassara: Na gwada a jimla: "Idan lokacin zangonka 2:05 ne, gudunka mita 4 ne a sakan." Ya shiga. Sai dai zan bayyana a layin farko cewa zango a nan mita 500 ne, kada wani ya ɗauka lokacin hutu ake nufi, tunda yada zango tsayawa ne. Zan kuma ambaci sifilit sau ɗaya, don shi za su ji a bakin masu horarwa.

Malam Nahawu: Kalma biyu inda ɗaya ta isa. Ku je da shi, tunda dai zangon nawa ne. Amma maganar daƙiƙa ban janye ba.

Ɗan Keke: Shi kuma injin fa? "Injin tuƙin kwale-kwale" ya yi tsawo, ga shi ba kwale-kwalen ba ruwan.

Mai Fassara: Wannan sai bayan na miƙa aiki.