Farashin sari da na ɗai-ɗai: wa za a ba wanne?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina da shagon kayan masarufi a Hotoro, ina saro kaya a kasuwar Singa. Masu ƙananan shaguna na ɗaukar katan a wurina, matan unguwa kuma ɗai-ɗai. Yanzu kowa ya shigo sai ya ce a yi masa kuɗin sari, har mai taliya biyar. Wata ya ƙare, kaya sun fita, riba ban gan ta ba. Yaya kuke raba farashin?

Sani Dakata: Hajiya ki daina tsayawa bakin titi, ki riƙa shiga can cikin kasuwa, sarin ya fi sauƙi.

Maman Hanif: Ƙanena ba wurin saye nake nema ba, wurin sayarwa ne ya dame ni.

Alhaji Sabo: Wa alaikumus salam. Hajiya nawa katan ɗin taliya yake tsaya miki, har da dako da kuɗin mota?

Maman Hanif: Satin nan na saro 17,000, dako da mota kamar 400. Guda 20 ne a ciki, ina sayar da ɗaya 1,000. Katan kuma 18,200.

Alhaji Sabo: To uwar kuɗinki 17,400 ke nan, kowace ɗaya ta tsaya miki 870. In kika fasa katan kika sayar ɗai-ɗai, ribarki 2,600, amma sai ya yi kwanaki a kanta, ga leda, ga wadda za ta kakkarye. In ya fita a rufe, 800 ce, amma kuɗinki ya dawo yau kin sake juyawa. Mai guda biyar da yake son kuɗin sari so yake ya biya 910, wato ki yi wahalar fasa katan ki karɓi ribar mai katan. Nan kuɗinki yake zurarewa. Ki yi takarda biyu. Ta ɗai-ɗai ki manna a bango kowa ya gani. Ta sari ta zauna cikin littafi, a gaban kowane kaya ki rubuta mafi ƙarancin abin da za a ɗauka, kuma ki sa kwanan wata. Ranar da kaya suka tashi a Singa, duka biyun za ki gyara, kar ki gyara ɗaya ki bar ɗaya.

Baban Ummi: Ni ban ga abin wahala ba. Wanda ya ɗauki katan ɗan sari ne, wanda bai kai ba ya biya na bango, shi ke nan.

Hajiya Rabi: Ba ko yaushe ba, Baban Ummi. Ina da mai abinci da take ɗaukar rabin katan kullum da safe, kuɗi hannu. A sati ta kwashe katan uku da rabi. Ga kuma mai biki da zai ɗauki katan ɗaya, ba za ki sake ganinsa ba sai an yi masa haihuwa. Ita zan ce ta biya na bango? Na yi mata rabin katan 9,500, ta samu sauƙi, ni ma 800 ta shigo.

Alhaji Sabo: Hajiya Rabi ta yi gaskiya, amma a rubuta shi ya zama layi na uku, kar ya tsaya a baki. Abin da nake tsoro shi ne yaron shago. Na taɓa samun wanda yake sayar da guda 20 ɗai-ɗai ya karɓi 20,000, ya rubuta katan ɗaya sari, 1,800 ta shige aljihu. Da kwalaye na kama shi. Katan ɗin sari da kwalinsa yake fita, sai ga littafi ya ce sari shida, bayan shago kuma kwalaye fanko a jibge. Tun daga ranar, duk sari sai an rubuta sunan wanda ya ɗauka.

Maman Hanif: Innalillahi. Bari in je in ƙirga kwalayena. To in na rage ɗai-ɗai zuwa 950 don in ja mutane fa?

Alhaji Sabo: Kar ki fara. Mai shagon da ya ɗauka a 910 yana sayarwa 1,000 ne, naira 90 yake ci. In unguwa ta ji akwai 950 a wurinki, kin kashe masa kasuwa, gobe sai ya hau Keke ya tafi Singa da kansa.

Baban Ummi: Masu ɗaukar katan bashi fa? Ni kuɗin sari nake ba su, sai bayan sati biyu su kawo, lokacin kaya sun ƙara kuɗi.

Hajiya Rabi: Ni kuɗin sari na kuɗi hannu ne. Mai bashi ina ƙara masa 300, kuma tun kafin ya ɗauka nake faɗa masa.

Alhaji Sabo: Ni kam ba na ƙarawa, kwana uku nake bayarwa, wanda ya saɓa ba na sake ba shi bashi.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri. Saura dangin maigida, su guda uku suke ɗauka kuma su ce a yi musu yadda na saro.

Hajiya Rabi: Wannan kam ki tura wa maigidan lissafi ya cika.