Ku taya ni nemo sunan Hausa na kuɗin nan da ake cewa a raba wa kowa

Nafisa Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Ina fassara wani rahoto da zan karanta a rediyo ranar Laraba, na ci karo da UBI. Wato gwamnati ta riƙa ba kowane ɗan ƙasa kuɗi duk wata, mai aiki da marar aiki, don injuna na karɓe sana'o'i. Na rubuta "tallafin kowa" amma bai kwanta mini ba.

Malam Sani Gusau: Kada ki kuskura ki ce tallafi, ƙanwata. Kalmar ta sha kaya: da ita muke kiran rangwamen man fetur da aka cire a 2023, da ita muke kiran buhun shinkafar kansila. Mai sauraro zai ɗauka akwai takardar sunaye, ya fara neman wanda zai saka nasa. Shi ko wannan ba a tantance talaka, kuma ba ya yankewa don ka samu aiki. A jihar Alaska ta Amurka, tun 1982 ake raba wa mazauna wani abu daga ribar asusun da aka tara da kuɗin mai, sau ɗaya a shekara. Haƙƙi suke ɗaukarsa, ba alfarma ba. Ni "kason kowa" zan ce.

Bashar Jega: Malam, a rediyo fa! Tsohuwa ta ji "kaso" ai gidan kaso za ta tuna. Me ya hana a ce zakkar gwamnati?

Malam Sani Gusau: Zakka tana da mutanenta, kashi takwas, suna nan a Suratut Tauba. Mai buhu ɗari ba ya ciki, a wannan tsari kuwa har shi za a ba.

Hajiya Kulu Argungu: To ni ina ake rubuta suna? Mata goma sha biyu nake ɗauka bugun shinkafa da shiƙa duk kaka, a biya su da kwano, su ƙara da kala a bayan masu yanka. Bara mai injin ya shigo fadama, aikin kwana huɗu ya gama kafin la'asar. Ɗaya ta zo da faifanta ta tsaya bakin gona, na rasa bakin magana.

Nafisa Birnin Kebbi: Hajiya ba a fara ba, suna kawai muke nema. Amma matan nan naki su ne tambayata. Rahoton na maganar wanda kamfani ya sallama, su kuwa ba wanda ya taɓa ɗaukar su da takarda balle ya sallame su.

Aminu Talata Mafara: Shi ya sa "albashin kowa" ma ba zai yi ba, albashi ladan aiki ne. Kuma kafin suna, mu yi lissafi. Naira 5,000 a wata, kamar yadda aka riƙa ba gidajen talakawa zamanin Buhari. A ba mutum miliyan 200, wata goma sha biyu: tiriliyan 12 ke nan. Kasafin tarayya na 2025 kusan tiriliyan 55 ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar ya tafi a kuɗin da ba zai ciyar da mutum mako guda ba. Ƙasar da kowa ke karɓar albashi ta banki tana iya ba attajiri, ta karɓe a haraji. Mu dillalin shanun da ke juya miliyoyi a aljihun babbar riga, ta ina za a karɓe?

Bashar Jega: A ɗora haraji kan injin mana, ai Bill Gates ma ya faɗa.

Aminu Talata Mafara: Ya faɗa a 2017, amma injunan manyan masana'antu yake nufi. Ka ɗora wa mai injin casa, gobe ya ƙara wa Hajiya kuɗin buhu. Ni tsarin da Indiya ta kafa a 2005 ya fi kama hankalina: kowane gidan karkara aka lamunce masa aikin kwana 100 a shekara. Mai hali ba zai zo haƙar rafi ba, aikin da kansa yake tantancewa.

Malam Sani Gusau: Tsohuwa da gurgu fa, Aminu? A Kenya, ƙungiyar agaji ta GiveDirectly tana tura wa duk baligan wasu ƙauyuka kusan dala 22 a wata ta M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta wayar hannu, da alkawarin shekara 12. Sai dai kuɗin masu bayarwa ne, ba na haraji ba. Kuma waya ce hanyar. Ka tuna 2021 da aka rufe mana layuka a Zamfara.

Hajiya Kulu Argungu: Ku dai kuna ta zagaye. Abin da matan nan suka rasa sunansa rufin asiri. Ku ce "kuɗin rufin asiri".

Malam Sani Gusau: Hajiya kin kawo rabin da na rasa! Gwargwadon abin da zai hana roƙo, shi Bature ke nufi. A ƙara "na kowa da kowa", don kada a ce na mabuƙata ne.

Aminu Talata Mafara: Sunan ya fi kuɗin girma. Dubu biyar ba ta rufa asirin kowa.

Nafisa Birnin Kebbi: Ranar Laraba zan ce "kuɗin rufin asiri na kowa da kowa" a farko, in bi da bayani. Gajeren da zan riƙa maimaitawa ne ban samu ba. Na so "rabon kowa", sai na tuna mai rabo ka ɗauka.

Bashar Jega: Ki ce "na-kowa" kawai, Anti. Ai an san maƙiyinsa ba ya samu.