Jimla ɗaya na tura wa mutum uku, biyu sun yi fushi

Zainab A.: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfanin rarraba kaya a Kano. Jiya na tambayi mutum uku abu ɗaya: "Ka turo lissafin jiya". Manajan reshe na tura masa ta imel, wani abokin aikina ta tes a WhatsApp, dattijon da ke kula da sito kuma ta saƙon murya. Dattijon ya amsa da fara'a cewa ya turo tun safe. Manaja ya rubuto wai tun yaushe na fara ba shi umarni, abokin aikin nawa kuma ya daina gaishe ni. Wallahi tambaya nake yi. Ina na kuskure, kuma yaya zan riƙa gyara kowanne?

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki bar rubutun nan, ki koma saƙon murya kawai. Ga shi kin gani da idonki, wanda ya ji muryarki ne kaɗai ya fahimce ki.

Malama Hadiza: Zainab, sake kallon jimlar taki, matsalar tana cikin kalmar farko. A bakin Bahaushe "ka" iri biyu ce a nan. Idan kika ja ta, muryarki a sama, kina nufin aikin ya riga ya faru, sai ɗagowar murya a ƙarshe ta mai da maganar tambaya. Idan kika gajarta ta, muryarki a ƙasa, umarni ne: yi maza ka turo. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, don haka duka biyun "ka" ake rubutawa. Dattijon ya ji doguwar, sauran biyun suka karanta gajeriyar, tunda ba ki sa alamar tambaya ba. Da mace kika rubuta wa da hakan bai faru ba, domin "kin turo" da "ki turo" ba sa rikicewa a ido.

Abin da ya sa ke ba ki ga laifin ba shi ne, kina rubutawa kina jin muryarki a cikin kanki. Mai karantawa ba ya jin ta, sai ya cike gurbin da tasa, gwargwadon halin da yake ciki da abin da ke tsakaninku. Masu bincike Kruger da Epley da abokan aikinsu sun gwada wannan a 2005, suka tarar masu tura imel suna da yaƙinin za a gane sigar maganarsu fiye da yadda ake ganewa a zahiri.

A imel, ki ɗauka takarda ce da za a ajiye, a buɗe bayan awa biyar, wataƙila a tura wa wani. Saboda haka sai ta tsaya da ƙafarta. Ni da zan rubuta wa manajan, kan saƙon zai zama "Lissafin jiya na reshenku", sannan: "Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina haɗa rahoton mako, ban ga lissafin jiya na reshenku a wurina ba. Ko kun samu turowa? Idan ya wuce ni ne, don Allah a sanar da ni in sake dubawa. Zan miƙa rahoton da ƙarfe 2." Duba "kun": ta ba shi girmansa, kuma ta kashe ruɗanin, domin umarninta "ku" ne. Kin faɗi dalili, kin faɗi lokaci, kin bar masa ƙofar cewa kuskuren daga wajenki ne.

Tambaya ɗaya: kin sa wani a CC, wato kin tura wa wani kwafin imel ɗin?

Zainab A.: Na sa, Malama. Shugaban sashenmu. Haka aka ce mu riƙa yi.

Malama Hadiza: To, ga rabin fushin nan. Tambayar da aka yi a gaban oga ta zama ƙara, ko da an sa alamar tambaya. Tunatarwar farko ki tura masa shi kaɗai. Idan dokar ofis ta tilasta CC, ki fara kiransa ko ki yi masa tes, don kada imel ɗin ya zo masa ba shiri.

Injiniya Bello: Ina jin wayarki ce. Wasu tsofaffin wayoyi ba sa nuna ƙ da ɗ da ɓ, sai akwati ya fito. Kuma a SMS, harafi ɗaya mai ƙugiya yana rage saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, sai ya rabu biyu.

Maman Ilham: Injiniya, gaskiya ne, amma jimlarta ko harafi ɗaya mai ƙugiya babu. Ni batun tes nake son taɓawa, don na ƙone a kansa. Ina sayar da atamfa, na taɓa rubuta wa wata tsohuwar mai sayen kayana "Ina jiranki" da ƙarfe 11 na dare, nufina kayanta sun iso. Ta ɗauka bashin da ke kanta nake nufi, washegari ta turo kuɗin ba ko gaisuwa, wata uku ba ta leƙo ni ba. Abin ya dame ni ƙwarai. Tes gajere ne, don haka komai na gefensa yana magana: lokacin da aka tura, rashin sallama, har shuɗin alamar an karanta da aka bari ba amsa. Yanzu ƙananan kalmomin nan nake dogara da su. "Ko ka riga ka turo lissafin jiya? Ban gan shi ba ne." Wannan "ko" da "riga" da "ne" su ne muryarki a rubuce. Amma ki kula da "fa" da "mana": a baki suna tausasa magana, a rubuce "ka turo fa" gargaɗi ne, "ka turo mana" kuma ƙosawa. Idan kin hango kuskure da wuri, WhatsApp yana ba da minti 15 a gyara saƙo.

Abban Sadik: Duk wannan wahalar, ai maganata ce ta fito. Murya ta fi.

Malama Hadiza: Ta fi wajen nuna zuciya, Abban Sadik, shi ya sa ban haƙuri da ta'aziyya da magana da dattawa suka fi dacewa da ita. Amma tana ɗaukar abin da ba ka yi niyya ba: gajiya, sauri, hayaniyar titi da ta sa ka ɗaga murya kamar mai faɗa. Wasu kuma suna saurare a 1.5x ko 2x, sai lallausar magana ta koma ta gaggawa. Ga aikin Zainab akwai babbar illa: lamba a murya ba ta da tabbas. "Sha biyar" da "sha bakwai" suna iya shigewa a kunne cikin hayaniya, kuma bayan wata guda ba za ki iya nemo adadin da akwatin bincike ba. Ki yi sallama, ki faɗi buƙatar a jimla ta biyu, ki tsaya kafin minti ɗaya, ki saurara kafin ki tura, sannan ki bi da adadi da kwanan wata a rubuce.

Alhaji Musa: 'Yata, ni shekara 30 na yi a aikin gwamnati, kuma ban yarda ƙaramin ma'aikaci ya tura wa na gaba da shi saƙon murya ba. Kin tilasta masa ya nemi wuri shiru ya saurare ki. Manajan nan ki kira shi, ko ki taka ki same shi.

Maman Ilham: Baba, a kasuwa kuwa akasin haka ne. Manyan 'yan kasuwa da yawa murya suka fi so, rubutu mai tsawo ba sa buɗewa.

Zainab A.: Na gode ƙwarai. Na yi wa abokin aikina saƙon murya na karanta masa jimlar yadda na nufa, ya ce ya gane, ya wuce. Manaja ne ban yanke ba tukuna: in kira shi kamar yadda Baba ya ce, ko in amsa a imel ɗin, tunda shugaban sashenmu ya ga amsar da ya ba ni a can?