Tambaya kan ƙara girma a madubin hangen taurari

Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da fiziks a wata sakandare ta ƙauye kusa da Ringim, kuma wani lissafi ya tsaya mini a wuya.

Na haɗa wa ɗalibaina madubin hangen taurari da bututun roba da gilasai biyu masu tattara haske. Nisan fokas na gilashin gaba, wato fo, santimita 100 ne, na gilashin ido, wato fe, kuma 5. Idan ido yana sake, wato siffar ƙarshe tana can nesa marar iyaka, lissafin ƙara girma, M = fo/fe, ya ba ni 20, tazarar gilasan kuma fo + fe, santimita 105.

Da muka duba wata da daddare, ɗaliban sun gan shi tangaran a 105 ɗin, amma ni, da yake ba na gani nesa sosai kuma na cire tabarau, sai da na matso da gilashin ido zuwa wajen 104.2. Lissafina ya nuna siffar ta dawo santimita 25 daga idona, wato tazarar D, inda M = (fo/fe)(1 + fe/D) ke ba da 24.

Shin 24 nake samu su kuma 20, ko kuwa na kuskure wajen auna kusurwar da siffar take yi a ido?