Wai me za mu kira kilifhanga da Hausa?

Ɗan Fagge: Jama'a ina neman kalma. Ina shirya tarihin hijirar Sarkin Musulmi Attahiru kashi biyar, duk Juma'a kashi ɗaya, kuma so nake kowane kashi ya ƙare a inda mutum zai ƙagu wata Juma'ar ta zo. Turawa na ce wa irin wannan ƙarshen kilifhanga, wai an bar mutum yana reto a bakin dutse. Mu fa? ni dai rataya na rubuta amma bai min daɗi ba

Bakatsiniya: Rataya kuma sai ka ce hukuncin kisa. Ai muna da jan rai, mu masu nobel kullum shi makaranta ke mana ƙorafi a kai, "Anti kin cika jan rai".

Malamin tarihi: Hajiya jan rai ya yi faɗi, tun daga layin farko ana iya ja wa mutum rai, shi kuwa yana maganar wajen tsayawa ne kawai. Kuma kin ji da bakinki ƙorafi ne. Ni da za a bi tawa a ce bashi, tunda dama ana cewa ku biyo ni bashin sauran. Amfaninta tana tuna maka sai ka biya. Ɗan Fagge turo tsarin mu gani.

Ɗan Fagge: Na 1 faɗuwar Kano Fabrairun 1903. Na 2 Kwatarkwashi. Na 3 Sakkwato 15 ga Maris. Na 4 tafiya gabas. Na 5 Burmi 27 ga Yuli. Na ukun zan rufe da "shin Sarkin Musulmi zai tsira kuwa?"

Malamin tarihi: To a nan ka yi kure. Duk mai karanta ka ya san a Burmi aka kashe shi, wanda bai sani ba minti ɗaya ya bincika a waya ya gani, ka ga babu abin da yake bin ka kenan. A labarin da aka san ƙarshensa tambayar da ke riƙe mutum ita ce ta yaya ko don me. Na uku ka tsaya a inda Attahiru ya fita ya nufi gabas, Waziri Buhari kuma ya zauna ya yi sulhu da Turawa, gida ɗaya mutum biyu kowa da hujjarsa ta addini, sai ka ce hujjojin na nan tafe. Wannan ko wanda ya haddace shekarun zai dawo.

Na ɗaya ma ƙarshensa a hannunka yake, an ci Kano Sarki Alu baya gari, ya tafi Sakkwato, yana hanyar dawowa da rundunarsa labari ya same shi. Tsaya nan. Sai na biyu ya buɗe da abin da Alu ya yi, a sakin layi na farko ko na biyu, kar ka tsaya dogon sharhi kana ɓoye amsar har ƙasa, kar kuma ka ɗage ta zuwa na huɗu. Ka biya tsohon kafin ka ci sabo. In ka tara uku ba ka biya ko ɗaya ba za ka gane, masu tambayar yaushe ci gaba za su koma tambayar wai ina aka kwana.

Bazazzagi: Ni fa ban ga abin wahala ba, a rubuta "mu haɗu a kashi na gaba" shikenan, haka ake yi a rediyo

Bakatsiniya: Wannan sallama ce yayana. Sanarwa ka yi, ba ka bar ni da wata tambaya ba. Malam amma bashi ba zai shiga jimla ba, "na ƙare babin da bashi" sai a ɗauka data na ranta. Ni ƙugiya ta fi min, ko dabarar aku, na Magana Jari Ce da ya riƙe Musa da labarai.

Malamin tarihi: Akun yakan kai labarinsa ƙarshe, lokaci yake cinyewa don kar yaron ya fita. Mai yankewa a tsakiya in gari ya waye Shaharzad ce a Dare Dubu da Ɗaya. Ƙugiya kuma masu koyar da rubutu sun fi sa ta a buɗewa, za a rikice. A ce bashin labari, ya fita daga zancen kuɗi.

Ɗan Fagge: To na huɗu fa? can ne tsakiya, tafiya ce kawai ina tsoron ya yi sanyi

Malamin tarihi: A watan Mayu Turawa sun kai wa Burmi hari an kore su, rufe da wannan, mai karatu ya san za su dawo, abin da bai sani ba da wane shiri. Na biyar kada ka bar komai, ka kai har ɗansa Mai Wurno da ya wuce Sudan da sauran jama'a. Kuma ka rubuta layin ƙarshe na duka biyar ɗin kafin ka saki na farko, in an riga an karanta ba ya gyaruwa.

Bakatsiniya: Ku yi ta bashinku, a gurup ɗinmu dai jan rai za a ci gaba da cewa