Kumburin gefen mara mai fitowa da tari: ɗamara, jiƙo ko aiki?

Isufu: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema kan yayana. Shekararsa 46, lodin buhunan albasa yake yi nan Tawa. Tun damanar bara wani kumburi ke fito masa a gefen mara na dama, dab da matsematsi. In ya yi tari ko ya ɗaga buhu sai ya turo, girmansa ya kai ƙwan kaza, in ya kwanta sai ya koma da kansa, wani sa'in har da ƙugi. Ba ya ciwo sosai, sai dai nauyi da marece. An ce akwai ɗamarar da ake ɗaurawa. Wa ya san inda ake samun mai kyau, nan ko Yamai?

Alhaji Mamman: Wa'alaikumus salam. Gwaiwa ce wannan, ba wani abu ba. Ɗamarar akwai ta a manyan farmasi na Yamai, ni ma na taɓa saya wa direbana. Tunda ƙarama ce kada ku tada hankali, wadda ta sauka cikin maraina ta yi girma ita ce abin tsoro. Ya rage ɗaukar kaya, ya riƙa shan jiƙon sassaƙe, wasu ta tafi musu haka nan.

Majo Haruna: Baba Alhaji, ranka ya daɗe, gwaiwar kam kun gane ta, amma sauran maganar ina da ja. Ni a ɗakin fiɗa nake aiki. Isufu, abin da ke faruwa shi ne naman da ya tare ciki ya yi rauni a wannan gurbin, ƙofa ta buɗe, hanji ko kitsen ciki ke leƙowa ta nan har ƙarƙashin fata. Kamar buhun da ɗinkinsa ya saki ne, kana matsa shi abin ciki zai turo ta wurin. Tari, yunƙurin bayan gida da ɗaga kaya duk matsa ciki suke yi, shi ya sa take fitowa a lokacin, ƙugin da yake ji kuwa hanjin ne ke komawa. A jikin babba wannan ƙofar ba ta rufewa da kanta. Jiƙo ciki yake shiga, ba ya ɗinke nama. Ɗamara kuma dannewa kawai take yi muddin tana ɗaure, in kuwa aka ɗaura ta alhali hanjin bai koma ba, ita da kanta za ta ƙara matse shi.

Batun girma ma ba haka yake ba. Ba girman kumburin muke tsoro ba, ƙuncin ƙofar. Mai faɗin baki hanji na shiga yana fita a sake. Mai ƙaramin baki ita ce wata rana hanji zai fito da ƙarfin yunƙuri ya kasa komawa, bakin ya shaƙe shi.

Maman Nana: Majo sannu da ƙoƙari. Ni ɗiyata ce, wata 14, cibiyarta in tana kuka sai ta kumbura ta yi tsini. Uwar mijina ta ɗaura mata dala da ƙyalle. Ke nan ita ma aiki za a yi mata? Wallahi gabana ya faɗi.

Majo Haruna: Maman Nana, kwantar da hankalinki, ta cibiyar yara daban take. Mafi yawansu suna rufewa da kansu kafin yaro ya kai shekara 4 zuwa 5, sai wadda ta wuce nan ba ta rufe ba, ko take damun yaro, ake yi wa aiki. Ki lallashi Inna a cire dalar, ba ta rufe komi, sai dai ta ci fatar ta zama gyambo. Ranar awo ki nuna a duba. Abin da ba a jira da shi a yaro shi ne kumburi a matsematsi ko cikin maraina mai fitowa da kuka: wannan ba ya rufewa, kuma a jarirai ya fi saurin maƙalewa, aiki ake sa masa rana. Ita ma cibiyar, duk ranar da ta yi tauri, ta ƙi komawa, yarinya na kuka ba ƙaƙƙautawa tana amai, ki ɗauko ta a lokacin.

Sani Tela: Ni dai a ganina ruwa ne ya taru. Maƙwabcinmu haka ya yi, aka zuƙe masa da allura ya samu sauƙi. Ko kuma kaluluwa ce, a duba ƙafarsa ko da miki.

Majo Haruna: Malam Sani, don Allah kada kowa ya kai allura wurin. Ta ruwa ba ta komawa in an kwanta, tari ba ya ƙara ta, in ka haska tocila a jikinta cikin duhu sai ka ga haske ya ratsa. Kaluluwa ma ba ta shiga ta fita. Wadda Isufu ya faɗa hanji ne a ciki, a soka allura a huda shi, ƙazanta ta zuba cikin ciki, an sayi babbar wahala.

Idi Kabu-kabu: Ku bari in ba ku nawa, ni da ya gani da idona. Shekara da shekaru ina da ita, in ta hito in kwanta in maida ta da yatsa, har na saba. Ran nan bayan la'asar na taya wani ɗaga babur daga cikin rairayi, sai na ji ta hito da wani irin zahi. Na kwanta, na tura, ta ƙiya. Ta yi tauri, ko riga ta taɓa wurin sai in yi ƙara. Da magariba amai ya hwara, na farko tuwon rana, na baya ruwa kore mai ɗaci. Ciki ya ɗaure tamau, ba kashi, ko tusa babu. Mutanen gida sunka ce kashi ne ya ɗaure, anka dama mani kanwa, ina sha ta dawo. Wani dattijo ya zo shina danna wurin da tahin hannu har na kusa suma. Cikin dare ciwon ya ɗan lahwa, munka ce alhamdu lillahi, a bari sai da sahe. Da sahen fatar wurin ta yi ja ta soma duhu, jiki zahi rau. Da anka kai ni, likita ya ce hanjin ya mutu, sai da anka yanke wani yanki anka haɗa. Na jima kwance da tiyo a hanci, kuɗin kuwa sai da babur ɗin ya tahi.

Hajiya Rabi: Subhanallahi. Allah ya ƙara lafiya, Idi.

Majo Haruna: Amin. Isufu, ka karanta wa yayanka labarin Idi daga farko har ƙarshe, duk alamun suna ciki. Muddin tana komawa in ya kwanta, tana da laushi, yana cin abinci yana zagayawa, to ba ta dare ba ce, ta zuwa a gwada shi a sa rana ce. Ranar da ta ƙi komawa ta yi tauri tana ciwo, lissafi ya sake. In amai ya biyo baya, balle kore, ciki ya kumbura, bayan gida da iska suka tsaya, hanyar hanji ta toshe ke nan. In fatar ta yi ja ko ta yi duhu ga zazzaɓi, jini ya daina isa wurin. Hanjin da aka shaƙe yana iya mutuwa cikin kamar awa 6, don haka mai jiran safiya tun daga la'asar ya riga ya cinye lokacinsa.

Wurin da ya fi ruɗar mutane shi ne lafawar nan da Idi ya ji cikin dare. Ba kullum take nufin sauƙi ba, naman da ya mutu ba ya jin zafi. In ciwo ya ragu amma kumburin na nan da taurinsa, ku ƙara sauri.

Abin yi a gida kaɗan ne. Ya kwanta rigingine, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya gwada maidawa a hankali sau ɗaya. Ta ƙi, a bar ta. In wurin ya riga ya yi ja ko yana amai, ko gwadawar kada a yi, don tura mataccen hanji cikin ciki ya fi barinsa a waje haɗari. Kada a ba shi abinci, ko fura, ko kanwa, ko maganin wankin ciki, saboda za a iya sa shi barci a yi aiki. A riƙe lokacin da ta maƙale da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe, su za mu fara tambaya. A nufi inda ke da ɗakin fiɗa. Wanda ke ƙauye ya bi ta asibitin kusa ya karɓi takarda da motar asibiti, amma kada ya yarda allurar kashe zafi ta sa ya koma gida.

Hajiya Rabi: Majo, mu mata fa? Na ɗauka ciwon maza ne.

Majo Haruna: Maza ta fi kamawa nesa ba kusa ba, Hajiya, amma ku taku ta fi mugunta. Akwai wadda ke fitowa ƙasa kaɗan, a saman cinya, ƴar ƙarama, ta fi yawa a mata masu shekaru, bakinta ƙunci gare shi, tana cikin waɗanda suka fi maƙalewa. Sau da yawa tsohuwa za ta zo da amai da kumburin ciki, kunya ta hana ta faɗin ƙullutun, sai mun duba mu gani. Ta cibiya kuma tana samun mata bayan haihuwa da yawa, ita ma a babba ba ta rufewa.

Isufu: Na gode ƙwarai. To ina za mu je? Kuma shi tsoronsa biyu: an ce aikin na kashe mazakuta, sannan ga lokacin albasa.

Alhaji Mamman: In dai aikin ne ku tafi Galmi, sun daɗe suna yi. Ko ku zo Yamai, babban asibitin ƙasa ko na Lamorde, ku sauka gidana.

Majo Haruna: Duk suna yi, amma babban asibitin jihar nan Tawa ma na yi, kuma kusa da gida ya fi sauƙin jinya. Ya je likitan fiɗa ya duba shi a tsaye ya sa shi tari, galibi hannu ya isa ganewa ba sai an yi hoto ba. Ku nemi a rubuta muku kuɗin komi tun kafin ranar. Aikin da aka shirya yawanci allura ake yi a baya, ƙasan jiki ya mutu yana farke, a maida hanji a ɗinke ƙofar, wani lokaci a shimfiɗa ƴar raga ta ƙarfafa wurin. Kwana ɗaya ko biyu an sallame shi. Jijiyoyin mazakuta ba ta nan suke bi ba, iyali sai dai ya ɗan dakata har miki ya warke. Buhu kuwa sai bayan sati 4 zuwa 6. In yana da tsohon tari, ko ɗaurewar ciki, ko yana yunƙuri wajen fitsari, ya faɗa a magance, in yana shan taba ya bari, su ke sa ta dawo.

Alhaji Mamman: Sati 6 ba lodi a tsakiyar albasa? Wa zai ci da gidan? Ni dai na ce ya ɗaura ɗamarar ya ƙare kakar bana, direbana har yau yana yawo da tasa.

Idi Kabu-kabu: Direba zaune yake wuni, Alhaji. Wanga buhu yake ɗauka.

Majo Haruna: Akwai masu jira da ita shekaru ba abin da ya same su, ban musa ba, musamman wanda ba ta damu ba. Amma likitan da ya taɓa wurin ne zai ce wannan na iya jira ko a'a, ba mu da ke rubutu a waya ba. Ya je a duba shi cikin satin nan, a yi maganar ranar a can. Isufu, ka tambaye shi ko ta taɓa daɗewa a waje kafin ta koma, ko maidawar ta fara yi masa wuya. In eh ne, ni ba zan ba shi shawarar jiran ƙarshen kaka ba.

Isufu: Yana tasha yanzu, in ya shigo zan tambaye shi. Wanda ya san ranakun da likitan fiɗa ke ganin mutane nan Tawa ya rubuto mani.