Ya zan yi godiyar data cikin zolaya ba tare da ta zama roƙo ba?

Jama'a, a taimaka min da shawara. Wani ɗan unguwarmu a Kawo, wanda ke burge ni amma ba mu taɓa maganar soyayya ba, ya turo min data giga 2 da katin naira 500 jiya bayan Isha'i, a satin da aljihuna ya bushe ƙaf. Saƙon shigarsu ya zo ne da lambarsa, shi kuwa bai ce uffan ba.

Ga abin da na rubuta: "Malam, wani aljani ya shigo wayata ya ajiye data. In ka san shi, ka ce Allah ya saka da alheri, ya kuma ƙara buɗi."

Inda na maƙale shi ne "ya ƙara buɗi". Addu'a ce, amma a cikin zolaya tana iya fitowa kamar ina cewa a ƙaro. In na cire ta, saƙon ya zama wasa zalla, alhali har raina na ji daɗin kyautar. Sannan "Malam" ya yi nisa, "Yaya" kuma zai iya mayar da shi ɗan'uwa. Wanne zan ɗauka? Kuma tunda an riga an kwana, in nemi afuwar jinkiri, ko in tura a haka?